Aikin mutum biyu, albashin mutum ɗaya: me zan rubuta wa manaja?

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, inda nake shirya takardun biyan masu kawo mana kaya. A ƙarshen Fabrairu abokin aikina, wanda ya fi ni da mataki ɗaya, ya ajiye aiki. Manajanmu ya ce in riƙe aikinsa "kafin a samu wani". Yau wata huɗu, ko tallata gurbin ba a yi ba. Ni ke shirya albashin ma'aikata 60, ni ke daidaita lissafin banki, ni ke haɗa rahoton ƙarshen wata, ga nawa aikin yana nan. Da ƙarfe biyar nake tashi, yanzu sai bakwai ko takwas, albashina kuwa bai motsa ba. Manajan mutumin kirki ne, kullum cikin gode mini yake, shi ya sa nake jin nauyinsa. Sau uku ina rubuta wasiƙar neman ƙari ina yagawa, wata ta yi kama da roƙo, wata ta yi kama da faɗa. Me zan rubuta, nawa zan nema, kuma in ya ce babu fa?

Wata ma'aikaciya

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Sannu da ƙoƙari. Abin da ya sa wasiƙunki ke fitowa ko a roƙo ko a faɗa shi ne kina rubuta su daga abin da ke ranki, ranki kuwa a gajiye yake. Wasiƙar da ke yin aiki ana rubuta ta ne daga abin da ke kan tebur: wane aiki aka ɗauke ki a kansa, wanne kike yi yanzu, tun yaushe, kuma nawa kamfanin da kansa ya yanka wa wannan aikin. In kika tsaya a nan, babu abin jin nauyi, domin ba alfarma kike nema ba. An yi yarjejeniya a kan aiki ɗaya, aikin ya canza, kina so a gyara yarjejeniyar ta dace da shi.

Kafin ki ɗauki alƙalami, ki nemo takardu uku: takardar ɗaukarki aiki, bayanin aikinki in an ba ki a rubuce, da littafin ƙa'idojin ma'aikata in kamfanin yana da shi. Abin da kike nema a ciki shi ne ko akwai tanadin alawus na riƙon ƙwarya, wato kuɗin da ake ba wanda ya riƙe muƙamin da ya fi nasa na ɗan lokaci. Wasu wuraren suna da shi a rubuce, har da adadin kwanakin da mutum zai yi yana riƙo kafin ya cancanta, da yadda ake lissafa shi, sau da yawa a matsayin bambancin da ke tsakanin albashin mai riƙo da na farkon matakin da ya riƙe. In kin same shi, wasiƙarki ta yi sauƙi, domin tunatarwa kawai za ki yi a kan abin da suka rubuta da hannunsu. Ki duba kuma abin da aka ce game da aikin bayan lokacin tashi. Za ki iya cin karo da jimlar nan da ake sakawa a ƙarshen bayanin aiki, "da duk wani aiki da shugaba ya ba ki". Kada ta karya miki gwiwa. Jimlar tana nufin ƙananan ayyukan da kan taso jifa-jifa, kuma da wuya mai adalci ya ce ta haɗa da riƙe kujerar wani tsawon wata huɗu. Amma ki san da ita, don kada a jefo miki ita ki rasa amsa.

Sai ki yi mako biyu kina rubuta aikinki a ɗan littafi, kuma ki tabbata makonnin sun haɗa da ƙarshen wata, tunda a nan nauyin yake. Kullum ki rubuta lokacin da kika shiga, lokacin da kika tashi, da awa nawa kowane aiki ya ci. "Ina shan wahala" magana ce da kowa a ofis zai iya faɗa, manaja ma zai ce shi ya fi ki. Amma "shirya albashi yana cin kwana uku a wata, daidaita lissafin banki yana cin awa biyar a mako" magana ce da ake iya dubawa a tabbatar.

A nan akwai bambancin da yawancin masu rubuta irin wannan wasiƙa ke tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan taki. Yawan aiki daban, girman aiki daban. Da takardun biyan kuɗi ne suka ninku, daga ɗari zuwa ɗari biyu, da aikinki ya yi yawa ne kawai, maganinsa kuma a ƙaro hannu ko a biya ki awannin da kika ƙara. Abin da ya same ki ya wuce haka. Albashin mutum 60 yana hannunki, in aka yi kuskure a abin da ake cirewa ko a lambar asusu, ke za a kira. Rahoton da shugabanni ke dubawa su yanke shawara daga teburinki yake fita. Wannan alhaki ne da kamfanin ya riga ya ajiye a mataki na sama da naki, ya kuma yi shekaru yana biyansa a farashin wancan mataki. Saboda haka ki gina wasiƙar a kan girman aikin, ki ambaci awannin a matsayin shaida ta biyu. In kika gina ta a kan awanni kawai, amsar da za ki samu ita ce "ki riƙa tashi da wuri mana", aikin kuma yana nan yana jiranki da safe.

Yanzu batun nawa. Ban san albashinki ba, don haka bari mu ce 100 ne a wata, na matakin da ke sama da ke kuma 120, sai ki sauya da naki alƙaluman. Mu ce littafinki ya nuna kina yin awa 52 a mako maimakon 40. Awa 12 ke nan na ƙari, kashi 30 cikin ɗari. Ma'anarsa, abin da kike samu a kan kowace awa ya ragu da kusan kashi 23 cikin ɗari, alhali aikin ya fi na da nauyi. A ɗaya ɓangaren, kamfanin bai biya 120 ɗin nan ba har sau huɗu, 480 ke nan ya zauna a asusunsa. Ganin wannan lissafi, zuciya za ta ce miki ki nemi rabin albashin wanda ya tafi. Kada ki bi ta. Ba a biyan mutum ɗaya albashin kujera biyu, kuma buƙatar da ta fita daga tsarin matakan kamfani tana ba manaja hanyar cewa a'a ba tare da ya yi tunani ba. Abin da ke da ƙafar tsayawa shi ne ki nemi albashin matakin da kike yi wa aiki, wato daga 100 zuwa 120, ƙarin kashi 20 cikin ɗari. A shekara 240 ne, alhali cike gurbin zai ci 1,440. Ariyas na wata huɗun da suka wuce kuma 80 ne. Kin ga lissafin da manaja zai iya ɗauka ya kai sama ba tare da ya ji kunya ba.

Wata ƙila ba ki san ainihin abin da abokin aikinki yake karɓa ba, ko kuma kin sani saboda takardar albashi tana bi ta hannunki yanzu. A nan ki yi hattara ƙwarai. Abin da kika gani a takardar albashi amana ce, kada ki kawo albashin kowa da sunansa a wasiƙarki. Ranar da kika yi haka, magana ta tashi daga ƙarin albashinki ta koma kan ko za a iya amince miki da sirrin ma'aikata. Ki ce "albashin matakin", ki bar sashen kula da ma'aikata su faɗi adadin, ko ki dogara da jadawalin matakan in a buɗe yake ga kowa.

Mu duba manajan naki shi ma. Mai yiwuwa ba mugunta ta sa ya yi shiru ba. Daga inda yake zaune, albashi yana fita a kan lokaci, rahoto yana zuwa, babu wanda ya kawo ƙara, don haka a ganinsa babu matsala. Ƙwazonki ne ya rufe ramin har ya manta akwai rami. Ki kuma sani cewa a yawancin kamfanoni manaja ba ya ƙara albashi da kansa. Yakan rubuta ya nema, sashen kula da ma'aikata su duba ko ya dace da tsari, wani na sama ya sa hannu. To ki ɗauka wasiƙarki mutum uku za su karanta, biyu daga cikinsu ba su san ƙoƙarinki ba. Ki rubuta ta yadda manajan zai iya tura ta gaba ba tare da ya goge kalma ɗaya ba. Shi ya sa zargi ba shi da wuri a ciki: wasiƙar da ta ce "an bar ni da aiki ba a kula ni ba" tana tona shi a gaban na sama da shi, zai kuwa ajiye ta a aljihun tebur.

Kada wasiƙar ta zo masa ba zato. Ki nemi minti ashirin da shi, ki gaya masa tun farko cewa a kan aikin da kike riƙo ne da matsayinki. Ki zaɓi kwana biyu ko uku bayan kin miƙa rahoton wata lafiya, lokacin da aikin ke gabansa yana gani, ba ranar da ake fama da rufe lissafi ba. Ki kuma binciki watan da ake tsara kasafin kuɗin sashenku, domin buƙatar da ta zo bayan an rufe kasafi takan kwana har shekara, ba a fafe gora ranar tafiya. A zaman ki faɗi maganar a baki, a taƙaice, sannan ki ce za ki aiko masa da ita a rubuce don ya samu abin da zai kai gaba. Ki aika a ranar ko washegari, ki ajiye kwafi a wajenki. Shafi ɗaya ya isa. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Yallaɓai, bayan gaisuwa. Ina godiya da lokacin da ka ba ni jiya, ga abin da muka tattauna a rubuce.

Tun daga 1 ga Maris, bisa umarninka, nake riƙe da ayyuka uku na babban jami'in lissafi bayan nawa aikin: shirya albashin ma'aikata 60, daidaita lissafin banki, da haɗa rahoton ƙarshen wata. A watanni huɗun nan albashi ya fita a ranarsa, an kuma miƙa kowane rahoto a kan lokaci. Bisa abin da na rubuta na mako biyu, aikin yana ɗaukar kimanin awa 52 a mako.

Tunda waɗannan ayyuka na matakin da ke sama da nawa ne, ina neman a ɗaga ni zuwa wannan mataki da albashinsa, daga 1 ga Maris. In kamfani yana da niyyar ɗaukar wani a gurbin, ina neman a biya ni alawus na riƙon ƙwarya daidai da bambancin matakan biyu, daga wannan rana har zuwa ranar da zan miƙa aikin, kuma a duba ni cikin masu neman gurbin.

Ko wanne aka zaɓa, ina ba da shawarar a miƙa wa wani ɓangare na shirya takardun biyan masu kawo kaya, don kada mai shirya biya ya zama shi ne kuma mai daidaita lissafin banki.

Zan so in ji matsayin da aka kai nan da mako biyu. Na gode."

Ki gyara duk abin da bai dace da gaskiyarki ba. In an taɓa yin latti sau ɗaya, kada ki rubuta "kowane rahoto", ki rubuta uku cikin huɗu, domin kuskure ɗaya a wasiƙar ya isa a yi shakkar sauran.

Ki lura da sakin layin da ya yi maganar raba aiki, don ina ganin shi ne mafi ƙarfi a wasiƙar, ko da yake ba kuɗi ya nema ba. A ƙa'idar aikin kuɗi, ba a son mutum ɗaya ya shirya biya, sannan shi ne zai zo ya duba ko abin da ya fita daga banki ya yi daidai da littafi, domin babu ido na biyu da zai kama kuskure ko ɓarna. Masu binciken kuɗi suna neman irin wannan gibi, kuma in suka gani, manajan za su tambaya. Ke ma yana kare ki, domin ranar da wani kuɗi ya ɓace, ko da ba hannunki, ke kaɗai ce kika taɓa ƙofofin biyu. Sannan yana hana ki faɗawa tarkon da ke cikin lissafin da muka yi ɗazu. In hujjarki kawai ita ce kin fi sabon ma'aikaci araha, za su iya ba ki 20 ɗin su rufe gurbin, ke kuma ki dawwama a awa 52. Ƙarin kuɗi ba ya ƙara wa rana tsawo. Dole ƙarin ya zo tare da sauke wani abu daga kanki.

Ki lura kuma da abin da ba ya cikinta. Babu kuɗin haya, babu tsadar rayuwa, babu hidimar gida. Duk gaskiya ne, amma kowa a kamfanin yana da su, kuma in manaja ya ƙara miki saboda su, gobe sai ya ƙara wa kowa, don haka ba zai yi ba. Babu ban haƙuri irin "ka yi haƙuri da damunka da na yi", wanda ke nuna ke ma ba ki yarda da buƙatarki ba. Babu sukar wanda ya tafi, ko da ya bar miki takardu a hargitse. Babu kuma barazanar ajiye aiki. Wannan takobi ne da ba a zare shi sai in akwai takardar wani aikin a hannu kuma da gaske kin shirya tafiya, domin akwai manajan da zai ce "Allah ya kiyaye hanya", akwai kuma wanda zai ba ki ƙarin ya fara neman madadinki a ɓoye.

Saura amsar da za ki iya samu. In ya ce to, ki gode, ki nemi a ba ki a rubuce da adadin da ranar da zai fara, da sabon bayanin aikinki. Alƙawarin baki yakan tafi da mai shi in aka yi masa canjin wuri. In aka ba ki ƙasa da abin da kika nema, a ce 110 maimakon 120, kada ki amsa nan take, ki nemi kwana ɗaya ko biyu. Za ki iya karɓa bisa sharaɗin a rubuta cewa za a cika ragowar bayan wata shida, ko a cire miki ɗaya daga cikin ayyukan uku. Ariyas shi ne abin da ya fi sauƙin sadaukarwa a ciniki, tunda sau ɗaya ake biyansa. Ƙarin da ya shiga asalin albashi kuwa yana bin ki kowane wata, kuma a kansa ake lissafa duk ƙarin da zai zo nan gaba. Saboda wannan dalilin, in aka ce za a ba ki kuɗin goro na lokaci ɗaya a maimakon ƙari, ki karɓa a matsayin ladan watannin da suka wuce, ki ce maganar matsayin tana nan.

Amsar da ta fi yawa ba "a'a" ba ce, "bari mu gani" ce, ita ce kuma mafi haɗari domin ba ta da ranar ƙarewa. Ki mayar da ita tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, wa zai yanke hukuncin, kuma wace rana zan dawo in ji?" Ki rubuta ranar, ki aika masa ɗan saƙo na tabbatarwa, ki dawo a ranar. In ya ce babu kuɗi, ki tambaya ko kuɗin gurbin yana nan a kasafin bana ko an janye shi. In yana nan, alawus ɗin riƙo daga cikinsa zai fito, ba sabon kashewa ba ne. In an janye shi, to kin san kamfanin ba shi da niyyar ɗaukar kowa, riƙon ƙwarya ya zama naki na dindindin, hujjarki ta neman ɗaga mataki ta ƙara ƙarfi ke nan.

In kuwa a'a ce tsagwaronta, kada ki yi fushi ki watsar da aikin rana ɗaya, domin albashin mutum 60 ne zai tsaya, laifin kuma ya dawo kanki. Ki kai masa jerin ayyukan duka da awannin da kowanne ke ci, ki ce: "A awa 40 ga abin da zai shiga. Wanne kake so in fara da shi, wanne za a ba wani?" Zaɓin ya koma hannunsa, ke kuma ba ki ƙi umarni ba. Ki nemi abin da ba ya cin kuɗi sosai amma zai amfane ki: sunan muƙamin a rubuce ko da na riƙo ne, horo a kan aikin albashi, ranakun hutu a madadin awannin da kika ƙara, da ranar da za a sake duba maganar, wata uku ya isa. In kuna da ƙungiyar ma'aikata, ko ƙa'idojinku sun tanadi alawus ɗin aka hana ki, kina da damar kai maganar sashen kula da ma'aikata, amma ki sanar da manajan kafin ki je, kada ya ji a bakin wasu.

Ki sa wa kanki iyaka da ba sai kin gaya wa kowa ba. In wata uku suka cika daga ranar wasiƙar, babu ƙari, babu sauƙin aiki, babu rana a rubuce, ki sabunta takardar bayanin ƙwarewarki, ki sa ayyukan nan uku a sama da watannin da kika yi kina riƙe su, ki fara duba gurbin da ke matakin da kike yi wa aiki a wasu wuraren. Amma wannan na gaba ne. Gobe da safe ki buɗe ɗan littafin nan ki rubuta lokacin da kika shiga ofis. Allah ya ba ki sa'a, 'yar'uwa, ki kuma rubuto mini in ji yadda zaman naku ya kasance.